Loft a sandar golf: tambayoyi da amsoshi kan weji da ƙarfe 7 a bakin girin

Wanda ya fara golf, wasan da wasu 'yan jarida ke kira ƙwallon lambu, yakan buɗe jaka ya ga sanduna fiye da goma masu kama da juna, ya rasa dalilin yawansu. Babban abin da ya raba su shi ne loft. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda na fi ji daga bakin sababbin 'yan wasa, kuma na fi tsayawa a kan ɗan gajeren bugun da ake yi idan ƙwallo ta tsaya kusa da girin, wato lallausan filin da ramin yake. A nan ne mai koyo ya fi zubar da bugu a banza.

Mene ne loft?

Loft shi ne yadda fuskar sanda ta jingina baya, kuma da digiri ake auna shi. Ka tsayar da sandar a ƙasa yadda za ka buga, ka duba ta daga gefe. Da a ce fuskar a tsaye take cak kamar bango, loft ɗinta sifili ne. Duk yadda ta ƙara kwantawa tana kallon sama, digirin yana ƙaruwa.

Fota, sandar da ake gara ƙwallo da ita zuwa rami, tana da digiri 3 ko 4 kawai. Direba, wadda ake bugun farko mai nisa da ita, yawanci tana tsakanin 9 da 12. Ƙarfe 7, wato sanda mai kan ƙarfe da ke da lamba 7 a gindi, irin na da yana wajen 34 ko 35. Wejin yashi kuwa, sandar fito da ƙwallo daga ramin yashi, 54 zuwa 56 ne, fuskarsa ta kusa zama faranti.

Akwai hanya mai sauƙi ta ganin wannan da ido a wurin atisaye. Ka taka fuskar sandar da tafin takalminka har ta kwanta daidai da ƙasa. Mariƙin zai ɗago sama, kuma kusurwar da ya yi da ƙasa ita ce loft ɗin. Ka yi da ƙarfe 7, ka sake da weji, za ka ga mariƙin weji ya miƙe sosai fiye da na ƙarfen. Ƙwallo ba ta tashi daidai kan wannan layi, takan bi ƙasa da shi, amma ya isa ya nuna maka bambancin.

Me ya sa sanda mai loft da yawa ba ta kai ƙwallo nesa?

Saboda ba ta dukan ƙwallon gaba da gaba. Fuskar da ke tsaye tana tura ƙwallo gaba da kusan dukkan ƙarfin bugun. Fuskar da ta kwanta kuwa shiga take yi ƙarƙashin ƙwallon ta goge ta, sai ƙarfin ya rabu uku: wani ya tura ta gaba, wani ya ɗaga ta sama, wani ya sa ta juyi da baya kamar katantanwa. Wannan juyin baya shi ne birkinta idan ta sauka. Ƙwallon da ta faɗo daga sama a tsaye tana juyi da baya ba ta da inda za ta je, sai ta yi tsalle ɗaya ko biyu ta tsaya. Wadda ta zo ƙasa-ƙasa da ɗan juyi kaɗan, tana taɓa ƙasa sai ta ci gaba da mirginawa.

A cikakken bugu, tsakanin ƙarfe da mai bi masa akwai kusan digiri 4, wanda ga matsakaicin ɗan wasa yake zama yadi 10 zuwa 12. Tsawon sanda ma yana da hannu a ciki, don ƙarfe 7 yana wajen inci 37, weji kuma wajen 35.

Wace sanda ce weji, wace ce ƙarfen tsakiya?

Ƙarfen tsakiya su ne masu lamba 5 da 6 da 7. A filin golf za ka ji ana cewa ayon, ma'anar ɗaya ce. A bakin girin mutane sukan haɗa da 8, don aikinsu a wurin kusan iri ɗaya ne.

Weji kuwa sunan bai baƙunci kunnen Bahaushe ba. Shi ne dai wejin da yaron mota ke cusa wa taya a kan gangare, itace mai kauri a gindi, siriri a baki. Ka dubi kan sandar daga gefe za ka ga siffar ke nan. Iri huɗu ne, kuma akan buga haruffa ko lambar digiri a gindinsu. Mai PW shi ne ke zuwa tare da jerin ƙarafan, digirinsa 44 zuwa 48. Mai GW ko AW yana wajen 50 zuwa 52. Mai SW shi ne na yashi, 54 zuwa 56. Mai LW shi ne na cilla ƙwallo sama, 58 zuwa 60, har akan sami 64.

Abokina yana kai yadi 150 da ƙarfe 7, ni kuwa sai da 6. Ya fi ni ƙarfi ke nan?

Ba lallai ba. Lambar da ke gindin sanda suna ce kawai, babu dokar da ta ce ƙarfe 7 sai ya zama digiri kaza. Shekaru da dama kamfanoni suna rage loft a sandunan da suke ƙera wa masu koyo, har ta kai yanzu ana samun ƙarfe 7 mai digiri 28 zuwa 30. Wannan a lissafin da ƙarfe 5 ne ko 6 aka sake wa suna. A wurinmu da yawancin sanduna na hannu ne, kuma jaka ɗaya kan haɗa na kamfani uku, wannan abin lura ne ƙwarai. Ka nemi sunan samfurin sandarka, ka duba digirinta a jadawalin kamfanin.

Wannan ragin ne ma ya haifi wejin GW. Da PW ya sauko zuwa 44 ko 45, wejin yashi kuma ya tsaya a 56, sai aka sami giɓin digiri fiye da 10 a tsakani, aka ƙera sanda don cike shi.

To a gajeren bugu, mene ne ainihin bambancin weji da ƙarfe 7?

Bambancin shi ne yadda tafiyar ƙwallon ke rabuwa tsakanin iska da ƙasa. Duk gajeren bugu kashi biyu ne: inda ƙwallo ta tashi har ta sauka, da inda ta mirgina har ta tsaya. Loft ne ke yin wannan rabo.

Da wejin yashi, a girin mai matsakaicin gudu kuma shimfiɗaɗɗe, in ƙwallo ta yi taku 1 a sama za ta yi kusan taku 1 a ƙasa. Da PW, taku 1 a sama, 2 a ƙasa. Da ƙarfe 9 ya zama 3, da 8 ya zama 4, da 7 kuma 5. Wato ƙarfe 7 ɗan tsallake kawai yake sa ƙwallon ta yi, ta haye doguwar ciyawar da ke gaban girin, sauran tafiyar duk gara ce kamar an buga da fota.

Masu koyarwa sun taƙaita wannan da abin da suke kira ƙa'idar 12. Ka ƙirga takun da ƙwallo za ta yi a sama, ka ƙirga wanda za ta mirgina, ka raba na biyu da na farko, ka cire amsar daga 12. Abin da ya rage shi ne lambar sandar, ana ɗaukar PW a matsayin 10, wejin yashi kuma 11. Wurin saukar kullum taku ɗaya ne a cikin girin, don a nan ƙasa ta fi laushi da daidaito, ƙwallo ba za ta ci karo da tudun ciyawa ta kauce ba.

A ba ni misali da lissafi.

Ga ƙwallonka ta tsaya taku 3 kafin bakin girin, a kan gajeriyar ciyawa, babu ramin yashi a gabanka. Tutar da ke nuna inda ramin yake tana can ciki, taku 21 daga bakin. Wurin saukarka taku 1 ne a ciki, don haka tafiyar sama taku 4 ce, abin da ya rage zuwa rami kuma taku 20. Ka raba 20 da 4, ka sami 5. Ka cire 5 daga 12, saura 7. Ƙarfe 7 ke nan.

Yanzu dubi abin da bugun ke bukata. Don ƙwallo ta tashi taku 4 kacal, kan sandar ba zai wuce tsayin idon sawu zuwa ƙwauri ba a ja da baya. Motsi ne irin na fota, kafaɗu ke yin sa, wuyan hannu bai karye ba. Idanunka kuma suna kan wuri mai kusa da za ka iya jefa hula ta sauka a kai.

Da za ka ɗauki weji mai digiri 56 a wannan wuri, jimillar tafiyar taku 24 ce, rabi a sama rabi a ƙasa. Dole ka saukar da ƙwallon a taku 12, ninki uku na wancan, kuma dole ka ja sandar baya sosai, ka zo da gudu. A nan haɗarin yake. In bakin wejin ya sari ƙwallon a ciki maimakon ya shiga ƙarƙashinta, duk wannan gudun zai tafi gaba, ta fita kamar harsashi ta tsallake girin ɗin. In kuma ya fara cin ƙasa kafin ƙwallon, sai ta yi taku 3 ta zauna a gabanka. Ka yi waɗannan kurakurai biyu da ƙarfe 7, hukuncin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Wadda ka sara a ciki dama ƙasa-ƙasa za ta bi, kuma bugun ba shi da ƙarfi, don haka sau da yawa takan tsaya a kan girin, ka samu damar fota.

Sai mu sauya abu ɗaya. Ƙwallon tana nan inda take, amma tuta tana taku 5 daga baki. Sama taku 4, ƙasa taku 4, rabon ya zama 1, amsa 11. Nan wejin yashi ne, kuma ƙarfe 7 ba shi da aiki, don in ya sauka a girin zai wuce ramin da taku 16.

Wannan lissafin yana aiki a ko'ina?

Mafari ne kawai, sai ka gyara shi da abin da ke gabanka. In ramin yana kan hawa, ƙwallo ba za ta mirgina sosai ba, ka ɗauki sanda mai ƙarancin loft, 6 a maimakon 7. In gangare ne ko girin mai santsi da gudu, ka koma 8 ko 9. In ƙarfe 7 ɗinka irin na zamani ne mai digiri 29, ka ɗauke shi kamar 6 a wannan lissafi.

Yanayinmu ma yana da nasa hukunci. Wanda ke wasa a Kano ko Kaduna ko Jos ya san filin damina daban, na hunturu daban. Da rani ƙasa takan bushe ta yi tauri, ƙwallo ta yi ta gudu, rabon ya ƙaru. Da damina ciyawa ta yi kauri, ƙasa ta jiƙe, ƙwallo ta riƙa tsayawa da wuri. Akwai kuma filayen da babu girin na ciyawa, sai abin da ake kira birawun, yashi da aka cakuɗa da mai aka daddale. A kansa ƙwallon da ta faɗo daga sama takan lotsa ta mutu kusa da inda ta sauka, mirginawa ma ba ta kai ta ciyawa mai santsi ba, don haka alkaluman da ke sama sai an rage su.

Abin da nake ba kowa shawara shi ne ya auna nasa. Ka shimfiɗa ƙaramin tawul taku 1 a cikin girin atisaye, ka koma taku 3 waje, ka buga ƙwallo biyar-biyar da 7 da 9 da PW da wejin yashi, kowace ka nufi tawul ɗin. Waɗanda suka sauka a kansa kaɗai za ka ƙirga. Ka taka ka ga inda suka tsaya, ka rubuta. Rabin awa ya isa, kuma alkaluman da ka samu sun fi na kowane littafi amfani a filinku.

Yaya ake tsayuwa a bugun ƙarfe 7 ɗin?

Ka haɗe ƙafafu kusa da juna, ka ɗora mafi yawan nauyinka a ƙafar gaba, wato ta hagu ga mai bugu da dama, ka bar shi a can har ƙarshe. Ƙwallo a tsakiya ko ɗan baya kaɗan. Tun da ƙarfe 7 ya fi weji tsawo, ka sauke hannu ƙasa a mariƙin, ka matso kusa da ƙwallon har sandar ta ɗan miƙe, gefen kanta da ke kusa da kai ya ɗago daga ƙasa kaɗan. Wannan yana rage faɗin ƙarfen da zai iya kama ciyawa. Daga nan sai ka kaɗa kafaɗu. Kada ka yi ƙoƙarin ɗebo ƙwallon sama da hannu kamar mai kwasar tuwo da mara, digiri 34 sun isa su ɗaga ta.

Yaushe ne weji ya zama dole?

Idan akwai abin da ƙwallo ba za ta iya mirginawa a kansa ba, ko babu filin da za ta mirgina. Ramin yashi ko ruwa tsakaninka da tuta, girin da ke kan tudu, tuta a daf da baki, duk na weji ne. Haka in ƙwallo ta nutse cikin doguwar ciyawa. A nan fuskar ƙarfe 7 ba za ta iya fito da ita da ɗan ƙaramin bugu ba, ciyawa za ta naɗe kan sandar. Weji ya fi nauyin kai, kuma loft ɗinsa yana fitar da ƙwallon sama kafin ciyawa ta riƙe ta. Sai dai ka sani in ciyawa ta shiga tsakanin fuska da ƙwallo juyin baya yana raguwa, za ta mirgina fiye da yadda ka saba.

Na ji ana maganar bawuns. Shi ma loft ne?

A'a, amma ba a raba su a zancen weji. Ka ajiye wejin yashi a kan tebur a tsaye, za ka ga bakinsa na gaba bai taɓa tebur ba, bayan gindin ne ke ƙasa. Wannan kusurwa ita ce bawuns, takan kama daga digiri 4 zuwa 14. Aikinta ta hana sandar nutsewa, ta sa ta zame cikin yashi ko ƙasa mai laushi. Ɗan wasan Amurka Gene Sarazen ne ake danganta yaɗuwar wannan ƙira da shi, kuma da irin wannan sanda a jakarsa ya ci gasar Open ta Birtaniya a 1932.

Abin da ke taimako a yashi shi ne ke cutarwa a busasshiyar ƙasa. In ƙwallo tana kan faƙo, wurin da ciyawa ta ƙone ƙasa ta yi kamar daɓe, gindin weji mai bawuns 12 ko 14 zai dira ya yi tsalle, bakinsa ya sari ƙwallon a ciki. Za ka gane haka ya faru in ka ji ƙara mai kaifi, hannunka ya yi zir, ƙwallon ta fita ƙasa-ƙasa da gudu. A irin wannan wuri da hunturu, ni ƙarfe 7 ko 8 nake ɗauka, in hanya a share take ma fota, ko da ina wajen girin.

Zan iya canza loft ba tare da na canza sanda ba?

Kana yi ma a kowane bugu, ko ka sani ko ba ka sani ba. Digirin da aka rubuta na sandar da ke tsaye ne. Abin da ƙwallo ke gani shi ne yadda fuskar take a lokacin haɗuwa. In hannayenka suna gaban ƙwallon har sandar ta karkata gaba da digiri 10, weji mai 56 ya koma kamar 46. In ka buɗe fuskar ta kalli sama, loft ya ƙaru, bawuns ma ya ƙaru.

Akwai tarko a nan. Mutane da yawa sukan mayar da ƙwallo can wajen ƙafar baya, su tura hannu gaba sosai, don su sa weji ya yi aikin ƙarfe 8. Karkatar da ta cinye loft ita ce kuma ke cinye bawuns, sai kaifin bakin ya zama kamar fartanya, ya kafe a ƙasa da ɗan kuskure kaɗan. In ƙasa-ƙasa kake so, ɗaukar sandar da aka ƙera don haka ya fi sauƙi.

Ana kuma iya lanƙwasa wuyan sanda a injin mai gyara, digiri 1 ko 2, musamman masu taushin ƙarfe. Duk digirin da aka ƙara wa loft yana ƙara wa bawuns kusan digiri ɗaya, ragi ma haka.

Amma ƙwararru a talabijin kusan kullum weji suke ɗauka. Me ya sa?

Gaskiya ne, da yawansu haka suke yi, kuma suna da hujja. Girin da suke wasa a kai yana da gudu ƙwarai, akan kafa tuta kusa da baki ko bayan ramin yashi, ciyawar gefe kuma doguwa ce, don haka sau da yawa babu filin gara. Ban da haka suna shafe sa'o'i kullum da sanda ɗaya har sun san yadda za su fitar da tsayi iri-iri daga gare ta, kuma da wuya su kuskure tsakiyar fuska. Mai zuwa fili ranar Asabar kaɗai ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ina jin takaici in ga sabon ɗan wasa ya kashe kuɗinsa a kan weji mai digiri 60, sandar da ta fi kowace wuyar sarrafawa, alhali ƙarfe 8 da zai sauƙaƙa masa wasa yana cikin jakarsa bai taɓa gwada shi a bakin girin ba.

Weji nawa ya kamata in riƙe?

Doka ta ƙayyade sanduna 14 a jaka, don haka kowane weji da ka ƙara, wata sanda ce za ta fita. Ka fara da sanin digirin PW ɗinka, sannan ka jera sauran da tazarar digiri 4 zuwa 6. In naka 45 ne, 50 da 56 sun wadatar. In 48 ne irin na da, 54 ko 56 kaɗai ma ya isa mai koyo. Wajen sayen na hannu, ka duba tsagogin da ke fuskar. In sun shafe a tsakiya har wurin yana ƙyalli, sandar ba za ta riƙa kama ƙwallo ta ba ta juyi yadda ya kamata ba, musamman a jiƙaƙƙiyar ciyawa. Ka duba lambar bawuns ma, ga mai wasa a ƙasa mai tauri mafi yawan shekara, 8 zuwa 10 ya fi 14 dacewa.